Harafi Ɗaya a Satifiket: Yadda Ake Neman CAC Ta Gyara Sunan Kamfani

A watan Fabrairun 2009, ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya, wanda ake kira Companies House, ya shigar da wani umarnin kotu na rushe kamfani a cikin kundinsa. Umarnin ya shafi Taylor & Son Ltd ne, amma sai aka ɗora shi a kan Taylor & Sons Ltd, wani kamfanin injiniyoyi da ke Cardiff wanda ya haura shekara ɗari yana aiki kuma yana da ma'aikata kimanin 250. Bambancin sunayen biyu harafi ɗaya ne tak. Ofishin ya gyara kuskuren cikin kwana uku, sai dai kafin nan labari ya riga ya kai ga masu ba kamfanin kaya bashi da masu ba shi aiki, kowa ya janye jiki. Cikin wata biyu kamfanin ya durƙushe. A Janairun 2015 Babbar Kotun Ingila ta yanke hukuncin cewa ofishin rajistar ne ke da alhakin abin da ya faru, a ƙarar da aka nemi diyyar kusan fam miliyan 9.

A Nijeriya kuskuren harafi ba ya yawan kai wa ga haka, amma yakan tsayar da harka cak. Mutum ya yi rajistar kamfani, ya karɓi satifiket, ya kai an saka masa shi a firam ya rataye a ofis, bai lura da komai ba sai ranar da ya je buɗe asusun banki ko neman kwangila. A nan ne wani ma'aikaci zai ɗora yatsa a kan takarda ya nuna masa cewa sunan da ke wasiƙarsa ba shi ne a satifiket ba.

Hukumar da ke da wannan aiki ita ce Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wadda kowa ya fi sani da CAC. An kafa ta da dokar kamfanoni ta 1990, hedikwatarta na unguwar Maitama a Abuja, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Dokar da take aiki da ita yanzu ita ce CAMA ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan shekarar.

Abin da ya sa banki ba ya ɗaga ƙafa

Ɗan kasuwa yakan ji haushi idan aka dawo masa da takardu saboda harafi ɗaya, tunda kowa ya san shi ne mai kamfanin. Amma a idon doka kamfani ba mai shi ba ne. Sashe na 42 na dokar ya tanadi cewa daga ranar da aka rubuta a satifiket, kamfani ya zama mutum mai zaman kansa, da sunan da ke cikin kundin kafa shi. Da wannan sunan yake mallakar fili, da shi yake cin bashi, da shi yake kai ƙara ko a kai shi. Sashe na 41 kuma ya mayar da satifiket ɗin hujja ta farko cewa an cika sharuɗɗan rajista. Saboda haka ma'aikacin banki da ya ga suna ɗaya a satifiket, wani daban a kan takardar ƙudurin daraktoci, ba shi da ikon zaɓar wanda ya fi yi masa daɗin karantawa. A wajensa akwai kamfani ɗaya da doka ta sani, da wani suna da ba ya cikin rajista.

Kotunan Nijeriya sun daɗe da sanin nauyin ƙananan haruffa. A 1961 kamfanin sayar da magunguna na Niger Chemists ya kai ƙarar wasu da suka buɗe shago a titi ɗaya da reshensa a Onica da sunan Nigeria Chemists, kotu kuma ta hana su amfani da sunan saboda zai rikita masu saye. Haruffa biyu ne tsakanin sunayen.

Sunayen Hausa sun fi shiga wannan tarko, domin suna ɗaya yakan zo da rubutu uku ko huɗu, kuma duka mutane sun saba da su. Akwai Muhammad da Mohammed da Muhammed, akwai Alheri da Alkhairi, akwai Nasara da Nassara. Wani ya rubuta Dan a haɗe da sunan da ke binsa, wani ya raba, wani ya sa ɗan layi a tsakani. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɗ da ƙ da ɓ, sukan koma d da k da b a takardun hukuma. Ga kuma kalmomin Turanci da ake liƙawa a ƙarshen suna, irin su Ventures da Enterprises da Integrated, waɗanda yatsa ke saurin juya musu haruffa ba tare da ido ya kama ba, musamman da yake da manyan baƙaƙe ake rubuta su duka.

Tambayar farko: a ina kuskuren ya shigo?

Mafi yawan wahalar da mutane ke sha a wannan lamari ta samo asali ne daga tsallake tambaya ɗaya. Sai mutum ya garzaya ofishin CAC ko ya kira ejan yana cewa a gyara masa suna, alhali bai binciki inda harafin ya ɓata ba. Amsar wannan tambaya ce ke nuna hanyar da za a bi, da kuɗin da za a kashe, da abin da zai rage a tarihin kamfanin.

Sunan kamfani yana ratsa matakai uku kafin ya kai firam ɗin bango. Na farko shi ne neman a keɓe suna: mai nema ya rubuta sunan da yake so a shafin hukumar, idan ta amince ta ba shi takardar amincewa mai ɗauke da lamba, kuma sashe na 31 ya ba da damar a riƙe masa sunan har kwana 60. Na biyu shi ne kundin kafa kamfani da dokokin tafiyar da shi, wanda lauyoyi da ejan-ejan ke kira MEMART, inda masu hannun jari suka sa hannu. Na uku shi ne satifiket ɗin kansa, tare da takardar bayanan kamfani da ake kira Status Report. Sai a shimfiɗa takardun nan a kan tebur, a karanta sunan harafi bayan harafi, gara ma mutum biyu su yi, ɗaya na furta haruffan ɗaya na bi da biro.

Idan takardar amincewa da kundin kafa kamfani suna ɗauke da sunan daidai, satifiket ne kaɗai ya kauce, to kuskuren na hukuma ne, abin da ake nema kuwa gyara ne kawai. Idan kuwa kuskuren yana nan tun daga takardar amincewa, ya biyo ta kundin, ya sauka a satifiket, to hukuma ta ba mutum abin da ya roƙa ne. Sunan da yake kallo a matsayin kuskure shi ne sunan kamfaninsa na doka, kuma hanyar rabuwa da shi ita ce canjin suna.

Gaskiyar da ba ta yi wa masu kamfani daɗi ita ce, a yau hali na biyu ya fi yawa. Tun daga farkon 2021 da hukumar ta koma bayar da satifiket ta intanet, abin da mai nema ya buga da hannunsa shi na'ura ke ɗauka ta zuba a sauran takardu. Babu wani akawu a tsakiya da zai sake buga sunan har ya yi tuntuɓe. Kuskuren hukuma ya fi fitowa a tsofaffin kamfanoni na zamanin takarda, waɗanda aka buga satifiket ɗinsu da keken rubutu ko aka kwashe bayanansu daga fayil zuwa kwamfuta daga baya. A irin waɗannan ma akan tarar satifiket ɗin lafiyarsa ƙalau, amma idan aka nemi kamfanin a shafin binciken jama'a na hukumar sai ya fito da wani rubutu daban. Shi ma wannan gyara yake buƙata, domin bankuna da ma'aikatu shafin suke dubawa.

Misali daga Dawanau

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwar hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano da ya kafa kamfani shi da ƙaninsa don fitar da riɗi da zoɓorodo waje. Hannun jarin kamfanin miliyan ɗaya ne, wan yana da 700,000, ƙanin yana da 300,000. Sunan da suka zaɓa yana ɗauke da kalmar ALBARKA. An buga musu katin kasuwanci, an yi hatimi, an rubuta allo a ƙofar sito, har buhunan da za su loda an buga musu sunan. Sai a banki aka nuna musu cewa satifiket ɗin ALABARKA ya ce.

Matsalar farko da suka ci karo da ita ba ta doka ba ce. Wani yaro mai shagon intanet ne ya yi musu rajistar, da imel ɗinsa da lambar wayarsa ya buɗe asusun a shafin hukumar, kuma abin da ya miƙa musu satifiket ne kaɗai da Status Report. Takardar amincewa da suna da kundin kafa kamfani suna cikin asusunsa. Wannan ya zama ruwan dare, kuma ya kamata duk mai kamfani ya ɗauke shi da muhimmanci: wanda ya biya kuɗin rajista yana da haƙƙin karɓar kowace takarda, har da rasit ɗin biyan kuɗi, ba satifiket kaɗai ba. Idan wanda ya yi aikin ya ɓace ko ya ƙi ba da haɗin kai, kamfani na iya neman kwafin takardunsa da hukumar ta tabbatar, a biya kuɗin da aka ƙayyade.

A ce sun samo takardun, suka tarar takardar amincewa ta ce ALBARKA, kundin ma haka. To aikinsu ya zo da sauƙi. Za su rubuta wasiƙa a kan takardar kamfani zuwa ga Babban Magatakardan hukumar. Wasiƙar ba ta buƙatar dogon bayani ko ƙorafi. Ta fara da lambar RC ta kamfanin da ranar rajista, domin da lamba ma'aikaci zai nemo fayil ɗin, ba da suna ba. Sannan a rubuta sunan yadda ya fito a satifiket a layi guda, a rubuta shi yadda aka amince da shi a layi na biye, a faɗi ƙarara cewa an ƙara harafin A bayan L. Wannan dalla-dallar tana da amfani, saboda mai karanta wasiƙar shi ma idonsa na iya zamewa a kan kalmar kamar yadda na masu kamfanin ya zame. Sai a roƙi a gyara rajista a kuma sake fitar da satifiket. Darakta ko sakataren kamfani ne zai sa hannu, wanda sunansa ke cikin bayanan hukumar, ba yaron shago ko ɗan'uwa ba. A haɗa da kwafin satifiket ɗin, da takardar amincewa da suna, da shafin farko na kundin, da katin shaidar wanda ya sa hannu. Idan tsohon satifiket ne na takarda, a shirya miƙa na asali, domin hukuma ba za ta so a riƙe satifiket biyu masu suna daban-daban a kan lamba ɗaya ba.

Ana shigar da irin wannan buƙata ta sashen harkokin bayan rajista ko na kai koke a shafin hukumar, cac.gov.ng, ko a kai ta ofishin jiha a nemi jagora. Ko ta wace hanya aka bi, a tabbatar an riƙe shaida: lambar da shafin ya bayar, ko kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Da wannan shaidar ake bibiya, kuma ita za a nuna wa banki don ya san gyara na kan hanya.

Yanzu a juya misalin. A ce da suka buɗe takardar amincewa sai suka ga ALABARKA tun daga can, wato yatsan yaron shagon ne ya zame a daren da ya nemi sunan. Suna iya rubuta wasiƙa su yi bayanin cewa kuskuren bugu ne, hukuma ce kuma ke da ikon duba ko za ta karɓa a haka. Amma abin da ya kamata su shirya masa shi ne a ce su bi sashe na 30, wanda ya ba kamfani damar canja suna da ƙuduri na musamman tare da amincewar hukuma a rubuce.

Matakin farko shi ne su nemi a keɓe musu sunan da rubutunsa na daidai, kamar masu sabuwar rajista. A nan akwai wani abu da kan ba mutane mamaki. Mai yiwuwa kuskuren ne ma ya sa aka amince da sunan tun farko. Albarka kalma ce da ɗimbin 'yan kasuwa ke so, kuma sashe na 852 ya hana rajistar sunan da ya yi daidai da na wani kamfani ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗar jama'a. Idan wani ya riga su rajistar sunan da rubutun daidai, za a ƙi buƙatarsu, sai dai su ƙara wata kalma da za ta bambanta su. Shi ya sa bai kamata a yi taro ko a rubuta ƙuduri ba sai an riƙe takardar amincewa da sabon sunan a hannu. Daga ranar kuma kwana 60 ɗin nan suka fara ƙirgawa.

Mataki na biyu shi ne ƙudurin. Ƙuduri na musamman yana buƙatar aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a taron masu hannun jari, bayan sanarwar kwana 21. Wan da ke da 700,000 cikin miliyan yana da kashi 70 ne cikin ɗari, bai kai 75 ba, don haka ko da shi ne ya kawo mafi yawan kuɗi kuma shi ne babba a gida, ba zai gyara harafin shi kaɗai ba. Dole sai da ƙanin. Sa'ar da suka yi ita ce doka ta sauƙaƙa wa kamfanoni masu zaman kansu: idan duk masu hannun jari suka sa hannu a rubutaccen ƙuduri, ya wadatar ba sai an kira taro ba, ba kuma sai an jira kwana 21 ba. Ƙudurin zai faɗi tsohon suna da sabo, ya kuma ba da izinin a gyara sunan a cikin kundin kafa kamfani. Doka ta ce a kai wa hukuma kwafin irin wannan ƙuduri cikin kwana 15 da zartar da shi. Kamfanin da mutum ɗaya ya mallaka, wanda dokar 2020 ta halatta, mai shi zai rubuta shawararsa ya sa hannu.

Mataki na uku shi ne shigar da buƙatar a shafin hukumar, a ɗora ƙudurin da takardar amincewa da kundin da aka gyara, a biya kuɗi. Farashin yana canjawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka jadawalin kuɗaɗen da ke shafin hukumar a ranar shi ne abin dogaro, kuma yana da kyau mai kamfani ya duba shi da kansa kafin ya yi ciniki da ejan, don ya san nawa ne na gwamnati nawa ne ladan aiki.

A wannan gaɓa ce tsofaffin kamfanoni ke cin karo da bashin da suka manta. Hukumar takan buƙaci kamfani ya kasance ya shigar da rahotonsa na shekara-shekara kafin ta karɓi wata buƙata daga gare shi. Kamfanin da ya yi shekara biyar bai shigar ba, wanda shafin bincike ke nuna shi da alamar INACTIVE, sai ya biya na duk shekarun da tararsu kafin a saurare shi, kuma sau da yawa wannan kuɗin ya ninka na canjin sunan. 'Yan Dawanau na misalinmu sun tsira daga wannan saboda kamfaninsu sabo ne, lokacin rahotonsu na farko bai yi ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a yi gyaran a makonnin farko.

Idan komai ya cika, hukuma za ta sa sabon suna a rajista a madadin tsohon ta kuma fitar da satifiket da ya dace da canjin. Lambar RC ba ta canjawa, ranar kafa kamfani ma haka. Sashe na 30 ya fayyace cewa canjin suna ba ya taɓa haƙƙoƙin kamfani ko nauyin da ke kansa, kuma shari'ar da aka fara da tsohon suna tana ci gaba da sabon. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu shi ne, a canjin suna ALABARKA zai zauna a tarihin kamfanin a matsayin sunansa na da, duk wanda ya yi bincike mai zurfi zai gan shi.

Gajerun hanyoyin da ba sa kai wa

Abu na farko da ke zuwa zuciyar mutane shi ne afidabit. An saba idan sunan mutum ya bambanta tsakanin takardar makaranta da katin ɗan ƙasa, sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga sanarwa a jarida. Wannan na mutane ne. Sunan kamfani yana zaune ne a rajistar CAC, kuma babu rantsuwa ko sanarwar jarida da za ta motsa harafi ɗaya a cikinta. Afidabit na iya zama ƙarin takarda da ke bayyana yadda kuskuren ya faru, amma ba ya maye gurbin sabon satifiket.

Abu na biyu ya fi muni. Tunda satifiket ɗin yanzu fayil ne da ake saukewa, akwai masu shagon kwamfuta da za su ce a kawo su goge harafin a cikin minti biyar. Wannan jabun takardar hukuma ne, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma ba ya ma ɓoyuwa. Satifiket ɗin na ɗauke da alamar QR da ake ɗauka da waya, banki kuma zai buga lambar RC a shafin hukumar ya ga sunan da ke rajista. Wanda ya je da matsalar harafi sai ya dawo da zargin zamba.

Na uku shi ne a bar wancan kamfanin a yi sabuwar rajista. Ga kamfanin da bai yi kwana goma ba kuma bai taɓa yin komai ba, wasu na ganin haka ya fi sauri. Sai dai tsohon kamfanin bai mutu ba, rahoton shekara-shekara na ci gaba da taruwa a kansa, sunansa kuma na iya tare wa sabon hanya saboda kamannin da ke tsakaninsu. Ga kamfanin da ya daɗe kuwa, asara ce babba, domin masu ba da kwangila suna duba shekarun kamfani da takardun harajinsa na shekarun baya, sabon kamfani kuma ba ya gadar ko ɗaya.

Akwai kuma zaɓin da ba a cika faɗa wa mutane ba, kuma halal ne: a karɓi sunan yadda ya fito. Idan bambancin Muhammad da Mohammed ne, kuma ba a riga an kashe kuɗi a kan allo da buhuna ba, babu laifi a mayar da takardun kamfani su bi satifiket. Abin da doka ke nema shi ne sunan da ke allon ofis da wasiƙu da rasit ya zama shi ne na rajista, tare da lambarta. Amma inda kuskuren ya ɓata ma'anar kalma, ko ya taɓa sunan mahaifi da aka sa wa kamfani don girmamawa, da wuya mai shi ya samu natsuwa da shi, kuma gyaran ya cancanci kuɗinsa.

Duk bayanin nan ya shafi kamfani mai lambar RC ne. Mai rajistar sunan kasuwanci, wato mai lambar BN, ba ya buƙatar ƙuduri na musamman, sa hannun mai shi ko abokan haɗin gwiwar ya isa. Ƙungiyoyi da masallatai da gidauniyoyi masu rajistar amintattu kuwa tasu ta fi tsawo, domin canjin sunansu yana buƙatar sanarwa a jaridu da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi.

Bayan sabon satifiket ya fito

Fitowar satifiket ba ta kammala aikin ba, saboda tsohon rubutun ya riga ya bazu. Wuri na farko da za a duba shi ne shafin binciken jama'a na hukumar, a buga lambar RC a ga ko sunan ya canja a can, a kuma sauke sabon Status Report. Na biyu shi ne ofishin haraji. A 2020 aka fara fitar da lambar haraji ta TIN tare da satifiket ɗin kamfani, wanda ke nufin sunan da aka yi rajista da shi ya wuce kundin masu haraji tun ranar farko. Kada a ɗauka gyaran zai bi shi can da kansa. A je da sabon satifiket a tabbatar, domin takardar shaidar biyan haraji mai tsohon suna za ta hana kwangila kamar yadda satifiket ɗin ya hana asusu.

Daga nan sai banki, inda za a kai wasiƙa da sabon satifiket a gyara sunan asusu da littafin cek. Ga 'yan Dawanau akwai rajistar masu fitar da kaya ta hukumar NEPC, wadda dole sunanta ya dace da na banki kafin a cike fom ɗin NXP, in ba haka ba kaya na iya zama a tashar jirgin ruwa ana lissafa musu kuɗin ajiya. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya zai bi ta PenCom da ITF da NSITF da BPP, mai harkar abinci ko magani ya bi ta NAFDAC, wanda ke da takardar SCUML shi ma ya kai a gyara. Idan kamfanin ya sayi fili, takardar mallakar tana buƙatar kulawar lauya, domin ita ce ta fi kowacce daɗewa a aljihun tebur ba a duba ta ba.

Saura yarjejeniyoyin da aka riga aka sa wa hannu. Waɗanda ke ɗauke da sunan da ke rajista a lokacin suna nan daram. Waɗanda aka rubuta da ALBARKA tun kamfanin yana ALABARKA a rajista su ne masu ɗan rauni. Kotuna kan yarda a gyara suna idan ta tabbata kuskuren rubutu ne kuma babu wanda ya ruɗe game da kamfanin da ake nufi, amma wanda ake bi bashi zai iya fakewa da wannan ya ja shari'a ta yi tsawo. Maganin shi ne a rubuta wa kowane abokin hulɗa gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da rubutun biyu da lambar RC, a haɗa da kwafin sabon satifiket, a nemi ya sa hannu a kwafi ɗaya ya dawo da shi. A manyan yarjejeniyoyi lauya zai ƙara shafi guda da ɓangarorin biyu za su sa wa hannu. Kwafin tsohon satifiket, da wasiƙar neman gyara ko ƙudurin canjin suna, da rasit ɗin biyan kuɗi, a haɗa su a fayil ɗaya tare da sabon, domin duk mai binciken kuɗi ko bankin da ya ci karo da tsohon rubutun a wata takarda zai nemi ganin yadda aka tashi daga wancan zuwa wannan.